Farin da Ke Tsakiyar Hoto

Ƙirjin mutum nasa ne shi kaɗai, ko kuwa duk mai shaƙar iska kusa da shi yana da rabo a ciki? Idan mutum ya ce ba ya son a leƙa cikinsa, ba ya son sanin abin da ke cinsa, wa ya cuta? Masu hankali ma sukan rabu biyu a kan wannan. Mai Gilashi dai ya yanke nasa hukuncin tuntuni: ƙirjinsa ne, shi ya san nauyinsa, kuma ba wanda zai sake tsayar da wani nasa a gaban na'urar hoton ƙirji.

Shagonsa ɗan siriri ne, tsakanin shagon wani tela da na mai gyaran rediyon da ya tashi aka rasa mai kamawa. Falle-fallen gilashi jingine da bango, manya a baya, ƙanana a gaba, ga madubai an juya fuskokinsu don kada su karce. Tebur ɗaya ne dogo, an shimfiɗa masa tsohon bargo. A kansa yake aza falle, ya ɗora ma'auni, ya ja abin yanka sau ɗaya tak, sannan ya buga ƙasa da yatsa, gilashi ya rabu kamar da can ma biyu ne. Yakan ce gilashi ba ya son a maimaita masa magana. Shi ma haka yake.

A bayan shagon ɗakinsa yake. Gado, kujera biyu, murhun gas, sai taga ɗaya mai kallon gabas. A jikin tagar nan yake rataye hoton matarsa.

Marigayiyar ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko a bikin 'yarsu, da mai hoto ya ɗaga na'ura sai ta kauce bayan wata, abin da ya fito kawai gefen mayafinta. Don haka da ta rasu, shekara biyu ke nan, hoto ɗaya ya rage masa: hoton ƙirjinta da aka ɗauka a asibiti. Ya yanka gilashi biyu daidai girmansa, ya sa shi a tsakiya, ya yi masa firam na katako. Da safe idan rana ta bugo ta bayansa, sai haƙarƙarinta su fito fari-fari, a jere, a lanƙwashe kamar sandunan kwando, ga baƙin fili dama da hagu. Sai kuma abin. Wani fari babba, ya kusa kai tafin hannu, yana zaune a tsakiya ya karkata gefe guda.

Bai manta ranar ba. Ta shiga ɗakin hoto tana dariya, tana ce masa yau dai an ci ta da yaƙi. Da aka kai wa likita, wani mutum mai sauri da jama'a ke jira a ƙofarsa, ya ɗaga hoton ga haske, ya kaɗa biro a kai ya ce, "Ka ga inuwar nan? Ba ta yi mini ba." Daga inda Mai Gilashi yake zaune, idonsa ya sauka kan babban farin. Bai tambayi komai ba. Me za a tambaya, ga abu ƙiri-ƙiri? Aka yi ta gwaje-gwaje, aka ce daji ne, kuma ya yi nisa. Daga ranar hoton ba ta ƙara irin wannan dariyar ba.

Abin da ya fi cin ransa girman abin. Mace tana kwance a gefenka, kuna cin abinci a kwano ɗaya, ga irin wannan dutse a ƙirjinta, kai ba ka sani ba? Wane irin miji ne wannan? Da ya gaji da ganinsa, sai ya samo baƙin salatif ya liƙe wurin a kan gilashin, layi bisa layi, har farin ya ɓace. Kowace safiya ya sha shayinsa a gaban tagar, ya gaya wa haƙarƙarin labarin unguwa, amma bai taɓa barin idonsa ya tsaya kan salatif ɗin ba.

Yanzu shi ma tari ya kama shi. Ya haura wata guda. Yana tashi da safe ya tarar rigarsa ta jiƙe da zufa, wandonsa kuma sai da ya ƙara wa bel rami.

Wata ranar Asabar 'yarsa ta zo, ita ce ɗaya tilo da Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Ta zo da jaririnta a kafaɗa, wanda bai fi wata biyu ba, amma ta tsaya daga bakin shago, cikin rana.

"Uwata, shigo mana. Kin tsaya kamar mai neman adireshi."

"Nan ma ya isa, Baba. Ina kwana? Ya jikin?"

"Jiki alhamdu lillahi. Miƙo mini angon nan in ga ko ya fara gemu."

Ya miƙo hannu biyu. Ita kuwa ta ja da baya taku ɗaya. Ƙaramin taku ne, amma ya gan shi.

"Baba, na kai shi rigakafi, na yi wa nas maganar tarinka. Ta ce tarin da ya wuce mako biyu, ga zufa, ga rama, sai an yi hoton ƙirji an gwada kaki. Ta ce kafin nan kada jariri ya zauna ɗaki ɗaya da kai."

"Ita nas ɗin ta taɓa jin tarina?"

"Ni na ji. Ina jinsa ta waya kullum."

"Ƙurar gilashi ce. Tun ba a haife ki ba nake shaƙarta."

"To a duba a ce ƙura ce, mu huta."

"An duba uwarki. Ta huta?"

Jaririn ya motsa, ta gyara masa hula. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta karye ba.

"Baba, don girman Allah."

"Ba zan tsaya a gaban abin nan ba. Idan kwana ya ƙare, ya same ni ban sani ba, ya fi mini. Ƙirjina ne."

"Naka ne," ta ce. "Wannan kuma nawa ne." Ta ɗan juyo da yaron don ya ga fuskarsa daga nesa, ta ajiye kular abinci a kan benci, ta tafi. Ya bi ta da ido har ta sha kwana. Kan yaron kawai yake hangowa, yana lilo a kafaɗarta.

Tela, wanda bango ɗaya ya raba su kuma ba abin da ke wuce kunnensa, ya leƙo da tef a wuya.

"Maƙwabci, ka kori baƙi da hannunka."

"Koma kan kekenka."

"Keken nawa ma ya fi ka hankali, idan ya fara ƙara yakan bari a buɗe shi. Kai fa tarinka har zare yake tsinka mini. Jiya na ɗauka tsohuwar mota ce ta ƙi tashi, na fito zan taya turi."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, mu biyu. Kai da kake sayar wa mutane abin da za su ga waje daga ciki, ka ƙi a ga cikinka daga waje."

Mai Gilashi ya koma kan teburinsa. Amma ya lura, tun daga makon nan, Tela da ya saba shigowa ya zauna kan benci su raba burodi, yanzu daga ƙofa yake zuba barkwancinsa. Shi ma yana da jikoki a gida.

Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Masu kawo awon taga su zo su tafi. Da la'asar ya share ɓarɓashin gilashi, ya zuba a gwangwani, ya zauna. Kujera ta biyu tana nan inda take. Uwata tana kira kowace safiya, su gaisa, ta kara masa wayar a bakin yaron ya ji gurnaninsa, shi ke nan. Ya yi ta jujjuya maganar a ransa kamar mai neman tsaga a falle. Bai cuci kowa ba. Bai je gidan kowa da tarinsa ba. To me ya sa yake jin kamar shi ne mai laifi? Idan kuma yarinyar ce ta yi masa rashin kunya, me ya sa ya tabbata da uwarta na raye haka za ta yi?

Wata safiya, yana kallon tagar, dabara ta faɗo masa. Ai ciwon iri ɗaya ne. Nauyin da yake ji yana nan daidai inda nata farin yake. Shekaru suna shaƙar numfashin juna, abin da ya ci ta shi ne ya dawo kansa. Tunda haka ne, hoto ai akwai shi. A duba nata, a ba shi abin da zai lafar da tarin, ya ce wa Uwata ya je asibiti. Ba ƙarya a ciki.

Ya sauke firam ɗin, ya naɗe shi da tawul kamar yadda yake naɗe madubin amarya, ya rufe shago.

A asibiti ya zauna kan dogon benci a sashen masu ciwon ƙirji. Wata ma'aikaciya ta ji tarinsa ta miƙa masa takunkumi. Kowa da wanda ya rako shi, wannan da ɗa, wancan da mata tana masa fifita. Shi ya rungume tawul ɗinsa. Rana ta yi sama sosai kafin a kira shi.

Likitar mace ce, ba za ta girmi Uwata da yawa ba, da gilashin ido da ya tsage a kusurwa. Ta tambaye shi tarin, zufar, ramar, aikin da yake yi, ko yana shan taba. Ta aza abin sauraro a bayansa, ta ce ya ja numfashi, ta daɗe a kafaɗarsa ta dama.

"Baba, za mu yi hoton ƙirji, mu kuma gwada kaki."

"Na zo da hoto, 'yata." Ya warware tawul.

Ta dubi firam ɗin, ta dube shi. "Naka ne?"

"Na mai ɗakina ne, Allah ya ji ƙanta. Ciwonmu ɗaya. Ki duba nata ki rubuta mini magani."

Bai ga alamar dariya a fuskarta ba, ya kuwa sa ido ya gani. Ta ce, "Amin. Kawo mu gani." Ta tashi ta kunna wani akwatin haske da ke jikin bango, ta kara firam ɗin a kai. Ta duba wani ɗan harafi fari a kusurwar hoton, sai ta juya firam ɗin gaba ya koma baya.

"A juye ka rataye shi. Wannan harafin shi ke nuna dama da hagu. Ana kallon hoton ƙirji ne kamar mutum yana tsaye yana fuskantarka. Da ta bayanta kake kallo. Yanzu ga ta ta juyo."

Da aka juya, salatif ɗin ya koma ta baya, ya tare haske, ya zama baƙin tabo a tsakiya.

"Wannan fa? Fashewa ya yi?"

"Gilashina ba ya fashewa. Ciwon ne na rufe."

Ta taɓa salatif ɗin. "Za ka iya cire mini shi?"

Ya sa farce. Salatif ɗin ya daɗe, sai da ya yi ta ɓamɓara, yana barin danƙo, yana gogewa da gefen tawul. Da ta mayar kan haske, farin ya fito gaba ɗayansa, yadda ya san shi. Ya kau da kai.

"Wa ya ce maka wannan ne ciwon?"

"Likita ya nuna. Ya ce inuwa."

"Ya ɗora yatsa a kai?"

Mai Gilashi ya yi tunani. Biro ne, yana yawo a iska. "A'a."

"Matso, Baba. Kai mai gilashi ne, za ka gane da wuri. Hasken da ake ɗaukar hoton nan da shi yana ratsa jiki. Inda ya wuce salin-alin, wurin yakan fito baƙi. Inda wani abu ya tare shi, ya fito fari. Huhu iska ce ta cika shi, shi ya sa ka ga baƙi nan da nan. Ƙashi yana tarewa sosai, ga haƙarƙari, ga ƙasusuwan ƙasan wuya, ga ƙashin baya ya sauko ta tsakiya. Waɗannan siraran layukan kamar rassan bishiya, jijiyoyin jini ne, kowa yana da su." Ta ɗora yatsa a kan babban farin. "Wannan kuma tsoka ce cike da jini, dole ta yi fari. Zuciyarta ce."

Ya juyo da kai ya dubi farin.

"Ka ga ta karkata hagunta, haka ta kowa take. Mukan auna faɗinta da faɗin ƙirji, idan ba ta wuce rabi ba, lafiya. Tata ba ta kai rabi ba. Gefenta ma a fili yake tas. Zuciya ce mai kyau, Baba. In an ɗauke ni yanzu, irin wannan farin za ka gani."

"To ciwon?"

Ta ɗaga yatsa sama, can ɓangaren dama na marigayiyar, ƙasan ƙashin wuya, inda haƙarƙari biyu suka gitta. Wani ɗan dunƙule ne fari-fari, bai wuce ƙwan tantabara ba, bakinsa ba sumul ba. Shekara biyu yana kallonsa kowace safiya. Ya ɗauka gaɓar ƙashi ce.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne ba wurinsa ba ne. Me suka ce bayan gwaji?"

"Daji."

"To daji ba a ɗaukarsa daga wani, ko shekara nawa aka yi ɗaki ɗaya. Kuma irin wannan yakan daɗe bai ba da alama ba. Mai shi ma ba ya ji, balle na kusa da shi."

Ya nemi kujera ya zauna. Yana ta murza danƙon salatif a tsakanin yatsunsa. Ya tuna irin maganganun da ya gaya wa farin nan kafin ya rufe shi, da tsinuwar da ya yi masa a zuci duk safiyar Allah.

Likita ta koma mazauninta. "Ka ga dalilin da hotonta ba zai yi maka aiki ba. Fari a cikin huhu ba abu ɗaya yake nufi ba. Cewa kawai yake yi, a nan akwai abin da ba iska ba. Wani sa'in ciwon sanyin huhu ne, a sha magani ya washe. Wani sa'in ruwa ne ya taru a ƙasa, sai ka ga kusurwoyin nan masu tsini sun shafe. Yana iya zama tabon tsohon ciwo, ko ƙurar da mutum ya daɗe yana shaƙa a wurin aiki. Yana iya zama tarin fuka, wanda ya fi son saman huhu, kuma shi nake zargi a kanka. Shi ana ɗauka ta iska, jarirai sun fi kowa rauni a gabansa. Amma yana warkewa, wata shida na magani, kuma idan magani ya kama ka, bayan 'yan makonni yawanci ka daina yaɗa shi."

"Yana kuma iya zama irin nata."

"Yana iya. Ba zan yi maka ƙarya ba. Hoto ma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, hanya yake nuna mana, shi ya sa nake son kakin."

"In irin nata ne, me sanin zai ƙara mini?"

Ta cire gilashinta ta murza ido. "Wannan ban da amsarsa, Baba. Na ga waɗanda sani ya taimaka, na ga waɗanda ya hana barci kawai. Abin da na sani, magani a makance ba zan rubuta maka ba." Ta miƙa masa 'yar takarda da ƙaramar kwalbar kaki mai murfi. "Ɗakin hoto yana ƙarshen baranda. Ba wanda zai ja ka."

Ya naɗe firam ɗinsa ya fito. A baranda hanya ta rabu, hagu ƙofar fita, dama ɗakin hoto. Ya yi hagu. Ya kai har bakin ƙofa, inda masu babur ke kiran fasinja, sai tari ya turnuƙe shi, ya dafa bango. Wata mata da ke shigowa da goyo ta ja zanenta ta rufe kan ɗanta, ta kewaye shi. Ba ta harare shi ba, ba ta ma dube shi ba.

Ya samu wani dakali a gindin taga ya zauna. Ya buɗe tawul, ya ɗaga firam ɗin ga rana, ta daidai wannan karon. Ya daɗe yana kallon farin, tun daga inda ya faro a tsakiya har inda ya yi tsini a ƙasa. Akwai sauran danƙo a gefe guda, ya sa yawu a yatsa ya goge.

"Ashe ke ce," ya ce a hankali.

Ba wanda ya ji shi. Mutane suna ta wucewa da kwanukan abinci da ledojin magani. Ya yi tunanin ɗakinsa, da tagar da ya bari ba komai a jikinta, da kujera ta biyu, da kan yaron nan yana lilo yana nisa. Har yanzu bai ga inda ya yi kuskure a hujjarsa ba. Ƙirjinsa ne. Sai dai iskar da ke fita daga ciki ba ta tsaya a shagonsa ba. Ya tashi ya nufi ɗakin hoto.

Mai ɗaukar hoton wani dattijo ne mai sanƙo, yana cin gyaɗa daga aljihu. Ya karɓi takardar, ya nuna firam da haɓa.

"Wannan fa, Malam? Kyauta ka kawo mana?"

"Rakiya ta yi mini."

Dattijon ya dube shi. Ya jawo kujera ya jingina firam ɗin a kai da kansa.

"Cire riga. In akwai sarƙa, biro, ko wani ƙarfe, a ajiye, kada ya fito a hoto mu tsorata juna a banza."

Ɗakin da sanyi. Mai Gilashi ya tuɓe, ya ga yadda haƙarƙarinsa suka fito ko ba na'ura. A kusurwa akwai 'yar taga inda mai hoton ke fakewa, gilashinta mai kauri, da ɗan ruwan ɗorawa. Ko a wannan hali sai da ya ce a ransa, wannan da dalma a cikinsa, abin yankana ba zai so shi ba.

"Juya mini baya. Manna ƙirjinka a allon nan. Ɗaga haɓa. Yauwa. Zagayo da hannuwanka, ka rungume shi, kafaɗu su zo gaba."

Allon ya yi sanyi a fatarsa. Ya zagaya hannuwansa ya riƙe shi sosai. Ya ji takun dattijon yana komawa bayan gilashi.

"To, Malam, ja numfashi. Ja sosai, cika ƙirjin. Riƙe."

Ya ja, ya riƙe.